Kwanakin Ko-ta-kwana: A Aljihun Kowa Ko a Asusu Ɗaya?

 Duk wanda ya taɓa sa magini aiki ya san abin nan: kowane ma'aikaci yakan ƙara kwanaki a kan lissafinsa don gudun jin kunya, amma duk da haka ginin ba ya ƙarewa a ranar da aka sa. To ina kwanakin da aka ƙara suke tafiya? A kan wannan tambaya ne tsare-tsare biyu na gudanar da aiki suka raba gari, kuma mu muna da ɓangaren da muka ɗauka.

Na farko shi ne tsarin doguwar hanya, wanda aka fi sani da CPM. James Kelley na kamfanin Remington Rand da Morgan Walker na kamfanin DuPont ne suka fito da shi a Amurka wajen 1957. Ana jera ayyuka, a nuna wanne ne ke jiran wanne, sannan a nemo jerin da ya fi kowanne tsawo. Tsawon wannan jeri shi ne tsawon aikin gaba ɗaya. Na biyu shi ne tsarin sarƙa, wanda Eliyahu Goldratt, masanin kimiyyar fiziks ɗan Isra'ila, ya bayyana a littafinsa Critical Chain a 1997. Ra'ayinmu shi ne Goldratt ya yi gaskiya a kan inda ya kamata a ajiye kwanakin ko-ta-kwana, amma lissafinsa ba abin haɗiya ba ne ba tare da tauna ba.

Mu ɗauki misalin ginin shago mai ɗaki biyu. Mun tambayi kowa kwana nawa zai yi, kowa ya ba mu adadin da yake da tabbacin ba zai wuce ba. Harsashi kwana 10. Ɗora bulo har linta kwana 14. Bayan bango ya tashi, ayyuka uku na iya farawa: rufi kwana 10, ƙera ƙofofi da tagogi da kafa firam ɗinsu kwana 8, sai fasa bango da binne bututun wayarin kwana 6. Sai ukun nan sun kammala sannan a yi filasta, kwana 8, a rufe da fenti, kwana 6.

Tsarin doguwar hanya zai ce jeri mafi tsawo shi ne harsashi, bulo, rufi, filasta, fenti, jimilla kwana 48. Aikin ƙofofi yana da rarar kwana 2, wayarin yana da rarar kwana 4, don haka hankalinmu ya kwanta a kansu. Sai dai akwai abin da takardar ba ta gani ba. Kafinta ɗaya ne gare mu, shi zai yi rufi, shi zai yi ƙofofi. Ba zai hau saman gini yana buga kwano ba kuma a lokaci guda yana ƙasa yana fiƙe katako. Dole ya gama ɗaya kafin ɗaya. Ke nan ainihin jerin da ke riƙe da aikin ya haɗa da ƙofofin ma, kuma tsawonsa kwana 56 ne. Wannan jeri, wanda ya lura da jiran aiki da kuma jiran mutum, shi ake kira sarƙa. Aikin da aka ce yana da rara, ashe yana tsakiyar sarƙar.

A nan ya kamata mu yi wa tsohon tsari adalci. Ƙwararrun masu amfani da shi sun daɗe da sanin wannan matsala, kuma suna da mataki na daidaita jadawali da yawan ma'aikatan da ake da su. Mai lura a cikinsu shi ma zai kai ga 56. Don haka ba a nan sabon abin yake ba. Sabon abin yana wajen kwanakin da kowa ya ɓoye a aljihu.

Maginin da ya ce kwana 14 ya san cewa idan komai ya tafi daidai, zai iya gamawa a ƙasa da haka sosai. Ragowar ya ajiye ne don tipar yashi da ba ta zo ba, ko lebura da ya yi rashin lafiya. Amma abu uku ne ke cinye ajiyar. Na farko, wanda ya san yana da lokaci ba ya farawa da zafi, kamar ɗalibin da ba ya buɗe littafi sai jarrabawa ta matso. Idan matsala ta zo a ƙarshe, ajiyar ta riga ta tafi. Na biyu shi ne abin da Northcote Parkinson ya lura da shi a 1955, cewa aiki yakan miƙe ya cika duk lokacin da aka ba shi. Na uku ya fi su muni: jinkiri yana wucewa gaba, amma sauri ba ya wucewa. Idan magini ya makara da kwana 3, kafinta ya makara da kwana 3. Idan ya gama kwana 3 kafin lokaci, kafinta ba zai zo ba, domin an riga an ba shi rana, yana can wani aikin.

Maganin Goldratt shi ne a karɓe ajiyar daga hannun kowa a tara ta wuri ɗaya. A raba kowane adadi biyu: harsashi 5, bulo 7, rufi 5, ƙofofi 4, filasta 4, fenti 3, jimilla 28. An cire kwana 28 ke nan. Sai a ɗauki rabinsu, wato 14, a ajiye a ƙarshen sarƙa a matsayin asusun aikin gaba ɗaya. Ranar da za a faɗa wa mai shago ita ce rana ta 42. Wayarin ba ya kan sarƙa, amma yana iya tsayar da filasta, don haka shi ma a mayar da shi kwana 3, a sa masa ɗan ƙaramin asusu na kwana 2 a daidai inda yake haɗuwa da sarƙar. Sannan a riƙa sanar da kafinta tun saura kwana biyu ko uku bango ya tashi, don ya shirya karɓar aiki ko da an gama da wuri, kamar mai jiran sanda a tseren miƙa-sanda.

Me ya sa 14 za ta isa inda da ake buƙatar 28? Domin da wuya dukkan ayyuka shida su lalace tare. Wani zai makara, wani zai yi sauri, su rufa wa juna asiri. Dalilin da ya sa gida shida za su iya raba janareto ɗaya na ko-ta-kwana ke nan, muddin ba rana ɗaya dukkansu za su buƙace shi ba.

Amfanin da ya fi burge mu shi ne yadda asusun yake faɗa mana gaskiyar halin da ake ciki. A jadawalin sarƙa, bango zai tashi rana ta 12. A ce ya tashi rana ta 16. An ci kwana 4 cikin 14 na asusu, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, alhali an gama 12 cikin 28 na sarƙa, kusan rabi. Babu abin tayar da hankali. Amma a ce sai rana ta 22 ya tashi. An ci 10 cikin 14, saura kwana 4 kacal su kare ayyuka huɗu da suka rage. Yanzu ne lokacin neman kafinta na biyu ya ɗauki ƙofofi, ba ranar da mai shago ya zo karɓar makulli ba. A tsohon jadawali kuwa, bango zai tashi ne rana ta 24, don haka a rana ta 22 sai a yi ta murna an yi gaba da lokaci, ba wanda zai tambayi me ya riƙe magini, ballantana a magance shi.

To ina inda muka ja birki? Wuri uku.

Na farko, raba komai biyu ƙa'ida ce ta kan tebur. Siminti ba ya jin lallashi. Idan kwana 4 cikin 10 na harsashi jiran kankare ne ya kama jikinsa, waɗannan ba ajiyar kowa ba ce, ba a taɓa su. Kwana 6 ɗin da suka rage ne za a raba, harsashi ya zama 7. Sarƙa ta koma 30, abin da aka cire 26, asusu 13, alkawari rana ta 43. Haka nan a dogon aiki mai matakai da yawa, rabin abin da aka cire yakan yi yawa fiye da buƙata, kamar yadda Herroelen da Leus suka nuna a nazarinsu na 2001. Tambayar kowane ma'aikaci adadi biyu, na idan komai ya tafi daidai da na idan an samu cikas, ta fi yanka da wuƙa ɗaya.

Na biyu, asusu ɗaya yana aiki ne idan matsalolin ba tushensu ɗaya ba. Idan ruwan Agusta ya tsaya, ko mai gini ya kasa sakin kuɗi, duk ayyukan za su makara tare, kuma kwana 14 ba za su kai ko'ina ba. Irin wannan haɗari sai a yi masa tanadi na daban, a faɗe shi a fili tun farko.

Na uku, kuma mafi nauyi, tsarin yana tsaye ne a kan amana. Idan muka rage wa magini kwanaki zuwa 7 sannan muka ci mutuncinsa ranar da ya kai 9, gobe zai ce mana 28 don in an raba ya samu 14 ɗinsa. Dole kowa ya san cewa wuce gajeren adadi abu ne da ake sa ran zai faru kusan rabin lokuta, kuma don haka aka yi asusun. Yadda ake biya ma yana da tasiri. Wanda ake biya kuɗin yini ba shi da dalilin cewa ya gama da wuri. Mai jinga yana da dalilin sauri, amma shi ne kuma yakan kama aiki biyu a lokaci guda. Kafintan da ke da rufi biyu na kwana 5 kowanne, idan yana yini nan yini can, na farko sai rana ta 9, na biyu ta 10. Da ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da na farko ya samu a rana ta 5, na biyu kuma bai yi asarar ko yini ɗaya ba. Wanda bai iya shawo kan wannan ba, zanen sarƙa ba zai cece shi ba.

Saboda haka matsayarmu ita ce kada a jefar da tsohon tsari, domin ba a gano sarƙa sai an fara zana wane aiki ke jiran wane. Idan kowane aiki yana hannun ɗan kwangila daban, da ranar kammalawa da tara a rubuce, doguwar hanya ta fi dacewa, tunda ba wanda zai yarda ya miƙa ajiyarsa. Amma inda mutum ɗaya ke riƙe da ragamar aiki, kuma hannu ɗaya ke yin abu biyu ko uku, mu mun zaɓi asusu ɗaya da kowa ke gani a kan ajiya shida da ba wanda ya san lokacin da suka ƙare.