Shi wa? Lamirin da ke kai mutane gaban alƙali

A duba wannan sharaɗi, irin wanda akan rubuta a takardar jinginar gona: "Mai gona ya karɓi jika 200 daga hannun mai kuɗi, ya ba shi gonarsa ya noma shekara uku. Idan ya fasa kafin wa'adi ya cika, zai biya shi kuɗin takin da ya zuba." Ta fuskar nahawu babu abin gyara a cikinsa. Duk wanda ya karanta shi sau ɗaya zai rantse ya gane, kuma nan ne cutar take, domin mai gona da mai kuɗi kowannensu ya gane, sai dai ba abu ɗaya suka gane ba.

A jimla ta biyu akwai wurare huɗu da ke nuni ga mutum ba tare da ambaton sunansa ba: wanda ya fasa, wanda zai biya, wanda za a biya, da wanda ya zuba taki. Nahawu ya warware mana guda ɗaya tak. Mai biya da wanda ake biya ba za su zama mutum ɗaya ba, don da haka ake nufi da an ce "zai biya kansa". Sauran gurabe uku kowanne yana iya ɗaukar ɗayan mutanen biyu, wato fassara takwas ke nan. Hankali yana zubar da biyar, amma uku suna nan daram. Ta farko, mai gona ya karɓe gonarsa da wuri, sai ya biya mai kuɗi takin da mai kuɗi ya zuba. Ta biyu, mai kuɗi ya janye, sai ya biya mai gona takin da ya tarar a ƙasa ya ci moriyarsa. Ta uku, mai kuɗi ne ya janye, amma mai gona zai biya shi, tunda takin zai saura a gonarsa. In takin ya kai jika 30, to tsakanin fassara ta biyu da ta uku jika 30 ɗin sun sauya aljihu gaba ɗaya, alhali ba a taɓa ko harafi ɗaya na takardar ba.

Akwai masu cewa wannan neman magana ne irin na masu nazarin harshe, wai mahallin zance yana warware harshen damo. A hira gaskiya ne. Ana zaune gaban mai gari, mai magana yana nuni da hannu, in an rikice a tambaye shi. Amma ai ba don ranar da ake shiri ake rubuta yarjejeniya ba. Ana rubuta ta ne don ranar da aka ɓata, ranar da shaidu sun manta ko sun rasu, magada suka fito da takarda kowa yana karanta ta da idon son kansa. A ranar, mahallin da ake taƙama da shi ya riga ya tafi, takardar kaɗai ta rage. Masu shari'a sun daɗe da sanin haka. Kundin dokokin farar hula na Faransa na 1804, wanda dokokinmu suka gada, ya tanadi a aya ta 1602 cewa duk sharaɗin ciniki mai duhu ko mai fuska biyu, a kan mai sayarwa ake fassara shi. Wato doka ba ta gano abin da aka nufa, tana zaɓen wanda zai yi hasara ne kawai.

Hausa tana da nata ramukan da ya kamata mai rubutu ya sani. Lamirin aikau ba kasafai yake faɗuwa ba, ko an ambaci suna galibi sai an ce "ya" ko "ta", saboda haka kunne ya saba da shi har ba ya lura da inda ya tsaya shi kaɗai babu sunan da ke riƙe da shi. Kuma kowane suna namiji ne ko mace, "shi" na iya zama mutum, ko fili, ko kuɗi. Jinsi kan taimaka, amma taimakon yaudara ne. Takardar da aka tsara tsakanin hukuma da ɗan kwangila a fili take, "ta biya shi". Ran da aka ɗauki tsarin nan aka sa kamfani a gurbin hukuma, sai ta koma "ya biya shi", duhu ya rufe. Takardun da ake cikewa, irin na saye da aro da jingina da kwamitocin filaye ke bayarwa tun bayan dokar karkara ta 1993, in za a mayar da su Hausa dole a gwada su da maza biyu, a kuma gwada da mata biyu.

Maganin a ganina ɗaya ne, kuma ba shi da daɗin ji: a maimaita suna. Makaranta ta koya mana cewa maimaici aibi ne, malamin Faransanci ya ja mana jan layi a kansa shekara da shekaru, shi ya sa hannu ke gudunsa. Wannan doka ta adabi ce, ba ta da hurumi a takardar kuɗi. Ga sharaɗin bayan gyara: "Idan mai gona ya karɓe gonar kafin shekara uku, mai gona zai biya mai kuɗi kuɗin takin da mai kuɗi ya zuba. Idan mai kuɗi ne ya janye, babu wanda zai biya kuɗin taki." An ga jimla ɗaya ta zama biyu. Neman sunan da za a sa a gurbin "ya" ne ya tona cewa tun farko ba a yi shawara a kan janyewar mai kuɗi ba. Sau da yawa lamiri mai duhu yana rufe ne da maganar da ɓangarorin ba su gama ba, ko suka ji nauyin tayarwa.

Sai dai a kula da sunan da za a maimaita. "Mai jingina" ba ya raba gardama, don yana iya zama wanda ya bayar ko wanda ya karɓa, haka ma "mai haya". "Na farko" da "na biyun" suna rushewa da zarar an sauya jerin sunaye a wani sakin layi. Ƙara "shi ɗin" kuwa nauyi kawai yake ƙarawa, bai faɗi ko wane ne ba. Lamirin "a" ya fi su duka ɓarna: "za a gyara shinge kafin damina" ya ɗora aiki, bai ɗora shi a kan kowa ba.

A umarni matsalar kan zo ta wata ƙofa. Ƙa'idar garin gishiri da sukari da ake ba yaro mai zawo ita ce a narkar da ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a zubar da abin da ya rage bayan awa 24. In aka rubuta "ki zuba garin a ruwan da kika tafasa ya huce, in ya kwana ya wuni ki zubar da shi", uwa tana da gari da ruwa a gabanta, dukansu "shi". Abin da ake nufi na uku ne, wato haɗin, wanda ba a taɓa ambata ba. Duk matakin da ya haifar da sabon abu, sai a ba abin suna kafin a koma kansa: "haɗin da ya kai awa 24, ki zubar, ki haɗa sabo."

Gwajin da nake ba ɗalibai shawara ba ya bukatar littafi. A ja layi ƙarƙashin kowane "ya", "ta", "shi", "su" da "-nsa", sannan a ba mutum biyu takardar, kowanne a ce masa kai ne ɓangare kaza, nemo karatun da zai fi maka riba. Duk layin da suka rubuta sunaye daban a kansa, a cire lamirin a sa suna. Tunda a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, irin waɗannan takardu za su riƙa zuwa neman masu fassara, kuma ɗaliban sashenmu na cikin waɗanda za a miƙa wa su.