Kusurwar Alƙalami: Jimlar farko a takardar neman aiki

A hutun da ya wuce na je gida Ruwan Gizo, na tarar da ƙanena ya duƙufa a kan wata takarda, ya rubuta ya yaga har sau 3. Ya gama aji 6 na sakandare yana jiran sakamako, sai ya ji labarin wani shagon sayar da taki da iri da maganin ƙwari a Talata Mafara yana neman yaron da zai riƙa rubuta ciniki. Mai shagon ya ce duk mai so ya kawo takarda.

Na karɓa na duba. Adireshi daidai, kwanan wata daidai, kan magana ma ga shi da manyan baƙaƙe: NEMAN AIKIN RUBUTA CINIKI. Sai jimlar farko: "Na rubuto wannan takarda ne domin neman aiki a shagonku mai albarka."

Ban yi masa dariya ba, domin ni ma da ita na tashi. Ita ce dai jimlar nan da muka haddace a darasin Turanci, kowa ya san ta, ya juye ta zuwa Hausa. Ba kuskure ba ce ta fuskar nahawu. Matsalarta ita ce ba ta faɗi komai ba. Kan maganar da ke samanta ya riga ya sanar da cewa aiki ake nema. Shi kuma mai shago ya san rubutowa ka yi, tunda ga takardar a hannunsa. Ke nan layin da ya fi kowane samun hankalin mai karatu ya tafi a maimaici. Ku ɗauka ranar Talata ce, kasuwa ta ci, manoma sun cika ƙofar shago, ga takardu 10 a gabansa duk da farawa iri ɗaya. Wacce zai tuna?

Na ce wa ƙanena ya sake. Ya ɗan yi shiru, ya rubuta: "Ni yaro ne mai ƙwazo da gaskiya da riƙon amana." Wannan ta fi ta farko zama tarko, domin tana da daɗin ji. Sai na yi masa gwajin da nake so ku riƙe: rufe sunanka da ke ƙasan takardar, ka tambayi kanka, shin ɗan ajinku zai iya sa hannu a kan wannan jimla ba tare da ya canja ko kalma ɗaya ba? Idan zai iya, jimlar ba taka ba ce. Wa zai rubuta cewa shi malalaci ne? Kowa mai gaskiya ne a takarda. Yabon kai ba ya zama hujja, mai shago kuwa hujja yake nema kafin ya damƙa wa baƙon yaro littafin kuɗinsa.

"To Yaya, me zan ce? Ni ban taɓa aiki a ko'ina ba."

Nan ne yawancinku kuke tsayawa, don haka bari in ɗan daɗe a wurin. Ban ce masa ya nemo babbar kalma ba. Tambayoyi 2 na yi masa. Ta farko, me mutumin nan yake buƙata a yi masa? Ba "aiki" a dunƙule ba, ainihin abin da hannu zai yi: a rubuta buhu nawa ya shigo, nawa ya fita, wa ya biya, wa ya ɗauki bashi sai an yi girbi. Ta biyu, a ina ka taɓa yin abin da ya yi kama da haka, ko da ba a biya ka ba? Sai ya tuna. Mahaifinmu yana noman rani na shinkafa a filayen ban ruwa na Bakolori, kuma shekara 2 ke nan ƙanena ne ke riƙe da littafin gonar: takin da aka saya, kuɗin masu dashe da cira, buhunan da aka samu. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin abin faɗi ba, don a wurinsa aikin gida ne kawai.

Ga abin da muka tsayar: "Shekara 2 ke nan ina riƙe da littafin lissafin gonar shinkafar mahaifina a Bakolori, tun daga sayen taki har ƙidayar buhuna, shi ya sa nake neman gurbin mai rubuta ciniki a shagonku."

Ku lura da abin da ke cikinta. Akwai adadi, akwai wuri, akwai aikin da za a iya bincika. Sannan ba ta manta da sunan gurbin ba. Wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne: wasu in sun ji an ce a jawo hankali sai su buɗe da karin magana ko dogon labari, mai karatu ya kai layi na 5 bai san abin da ake so ba. Jimlar farko kaya biyu take ɗauka, abin da kake nema da dalili ɗaya tak da zai sa a saurare ka. Sauran dalilan su jira sakin layi na gaba.

Hujjar ma sai ta dace da abin nema. Ƙanena ya taɓa zama kyaftin ɗin ƙwallo, ya so ya sa a gaba, na hana. Gaskiya ce, amma ba ta da alaƙa da buhun taki. Haka buɗewa da kuka, irin "ni talaka ne, a taimake ni". Idan tallafin karatu kike nema, ƙanwata, halin gida yana da gurbinsa a cikin takardar. Amma mai ɗaukar aiki yana son ya fara jin abin da za ki iya yi masa. Kada kuma ku ƙara gishiri. Duk abin da aka sa a layin farko, a kansa za a fara tambaya.

Na san wani zai ce, "Jarrabawa fa?" Tsarin wasiƙar hukuma yana nan yadda malaminku ya koyar: adireshi biyu, kwanan wata, gaisuwar girmamawa, kan magana, rufewa da sa hannu da cikakken suna. Ba ɗaya da na ce a taɓa. Abin da ake so daga sakin layin farko shi ne ya bayyana manufar wasiƙar, kuma jimlar ƙanena ta yi hakan. In kuwa da Hausa za ka rubuta wa hakimi ko wani dattijo, "Ranka ya daɗe" da gaisuwa suna nan daram, ba na cikin masu cewa a yar da ladabi. A yi ta a layi ɗaya, jimla mai nauyi ta biyo baya nan take.

Ƙanena ya kai takardarsa. Da yamma ya dawo ya ce mai shagon ya karanta layin farko, ya ɗago kai ya ce, "Yaro, gobe ka zo mini da littafin nan in gani." Daren ranar kwana ya yi yana laluben shafukan da ruwa ya ɓata.