A Rufe Ƙofar Shiga Kafin a Buɗe ta Fita

Ma'aikatan masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai da ke zana jarrabawar NABTEB sukan koka da dokar hana barin ɗakin jarrabawa da wuri. Suna da hanzari, domin aiki na jiransu. Duk da haka, a ganina dokar tana bisa hujja.

A ƙaddara an fara jarrabawa da ƙarfe 9:00, kuma ana karɓar makararru har 9:30. Idan ma'aikacin majema daga Challawa ya miƙa takardarsa da 9:20 ya fita, yana iya haɗuwa da abokinsa a bakin ƙofa ya tsegunta masa tambayoyin. Don haka wajibi ne a rufe ƙofar shiga kafin a buɗe ta fita. Haka kuma zaunar da kowa a mintocin ƙarshe yana hana takardar wani salwanta cikin hayaniya.

Inda nake da ja shi ne hana zagayawa ɗungurungum, kamar yadda wasu masu tsaron jarrabawa ke yi. Wanda fitsari ya matsa ba ya iya tunani. Abin da ya dace shi ne ya bar takardarsa a kan tebur, jami'i jinsinsa ya raka shi, mutum ɗaya a lokaci guda, a rubuta lokacin fitarsa da na dawowarsa, ba tare da ƙara masa minti ba. Amma wanda ya miƙa takarda ya fita babu rakiya, ya fita ke nan.