Leshi ba shi da laifi, bayaninmu ga tela ne ya gaza

Duk lokacin da Sallah ta gabato ko aka fitar da ankon biki, rigima iri ɗaya ce ke tashi a gidaje da yawa, daga Korahane zuwa Dakoro har Maradi. An sayi leshi mai tsada, an kai wa tela, an karɓo ɗinki, yarinya ta sa ta fito tsakar gida, sai uba ya ce ba za ta fita da wannan ba. Uwa ta ɗora wa tela laifi, tela ya ce abin da aka ce masa shi ya yi, yarinya kuma ta yi Sallah da kuka. A ganina mafi yawan wannan asara daga bakinmu take, mu masu kai ɗinki. Mukan ce "a sa masa shafi" mu juya, alhali wannan magana ba ta gaya wa tela komai ba.

Yadi mai shara-shara ado ne da ake ɗorawa bisa sutura. Abin da ke ƙarƙashinsa, wato shafi, shi ne rigar gaskiya. Malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa tufa kada ta nuna launin fata, kada kuma ta matse har ta fitar da surar jiki. A rigar leshi, shafi ne kaɗai ke iya cika waɗannan sharuɗɗa biyu. Saboda haka shi ya kamata a fi yi wa bayani, amma shi muka fi bari a hannun sa'a.

Kafin bayani, sai mutum ya san abin da ya riƙo, domin ba duka ne suke nuna jiki ta hanya ɗaya ba. Leshin da ya yi suna a ƙasar Hausa asalinsa aikin surfani ne na inji daga garin Lustenau na ƙasar Ostiriya da kuma Sen Galen na Suwizalan, kuma tun wajen shekarun 1960 yake shigowa Najeriya. Yau kuwa akasarin na kasuwa daga Sin yake. Akwai wanda aka yi wa surfani bisa yadin auduga mai laushi aka huda ƴan ramuka. Wannan ta ramukan kawai yake nunawa. Akwai mai igiya, wanda furanninsa ke haɗe da juna babu yadi a bayansu, ramukansa har yatsa kan shiga. Akwai kuma wanda aka yi bisa raga, wanda duk inda babu fure to fili ne. Oganza daban take: saƙa ce ta zare siriri, ba ta da rami ko ɗaya, amma ana hango abu ta cikinta kamar ta gilashi mai ƙura, kuma tana da tauri, tana tsayawa nesa da jiki. Shifon kishiyarta ce, tana da laushi, tana kwanciya, iska na manna ta a jiki.

Abu na farko da za a faɗa wa tela shi ne iyakar shafi. A ambaci wurare da sunansu: wuya gaba da baya, kafaɗa, hannu har wuyan hannu, da tsawon siket. Dalili kuwa, salon da ke yawo a hotunan waya yakan tsayar da shafi a saman ƙirji ya bar kafaɗa da hannuwa leshi zalla, ko ya tsayar da shi a gwiwa. Telan da aka nuna wa hoto zai bi hoto. Game da siket, bakin leshi yakan zo da adonsa wanda ba a kalmasawa, don haka a ce shafi ya tsaya santimita 2 ko 3 sama da bakin, kada ya wuce haka. In akwai tsaga, a faɗi tsawonta, a kuma ce a sa yadi a bayanta.

Abu na biyu shi ne launi, kuma nan ne mutanen kirki da yawa ke kuskure da kyakkyawar niyya. Shafin da ya yi kama da launin fatar mai sawa yana rufe jiki, amma daga nesa ido na ganin kamar babu komai a ƙarƙashin leshin. An ma ƙirƙiri wannan salon ne don ya ba da wannan kamannin. Farin shafi marar kauri kuma, a kan baƙar fata, yakan bar inuwar jiki da ta kayan ciki. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne shafi mai launin leshin kansa, ko wanda ya ɗan fi shi duhu. In ana son furanni su fito, a zaɓi launin da ya bambanta da leshin kuma ya bambanta da fata a fili, kamar shuɗi mai duhu ƙarƙashin ruwan toka. Kuma kada a tsaya ga sunan launi, domin "ruwan ƙasa" na uwa daban da na tela. A yanko ƙyalle a haɗa da allura a jikin leshin.

Abu na uku shi ne irin yadin shafi. Shafin roba mai sheƙi ya fi arha, shi ya sa tela ke ɗauko shi in ba a ce komai ba. Amma a zafin Afrilu da Mayu na ƙasar Dakoro, inda awon zafi ke haura 40, ba ya shan gumi, sai ya jiƙe ya lafe a jiki. Da hunturu kuma, saboda bushewar iska, yakan manne wa ƙafafu ya riƙa hawa sama in ana tafiya. Duka biyun suna fitar da surar da aka sa shi ya ɓoye. Yadin auduga mai matsattsiyar saƙa ya fi. Mai shakka ya zare ɗan zare ya kusanta shi da ashana: auduga na ci da warin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Sai dai auduga na tsukewa a wankin farko, leshin roba kuma ba ya tsukewa, don haka a wanke shafin a shanya kafin a yanka. In ba haka ba, bayan wanki ɗaya shafi zai gajarce, leshi ya yi ta tattarewa a kansa.

Abu na huɗu shi ne yadda za a haɗa su. Hanya ɗaya ita ce a shimfiɗa leshi bisa shafi a yanka tare, a ɗinka su kamar yadi guda. Wannan ta dace da jikin riga da hannu, domin tana ɓoye bakin ɗinki, kuma shafi ba ya zamewa. Hanya ta biyu ita ce a ɗinka shafi daban, a haɗa shi a ƙugu kawai, ya sauka da kansa. Wannan ta fi dacewa da siket, musamman na oganza da shifon, amma da sharaɗin shafin ya zama mai yalwa. Siket ɗin oganza mai faɗi da matsattsen shafi a ciki ya fi komai tona asiri, saboda ido na ratsa oganzar ya sauka kan abin da ya matse.

Bari mu yi lissafi da misali, don a ga inda hannayen riga ke rasa shafi. A ce yarinya ce ƴar shekara 14, za a yi mata riga da siket. Leshi yakan zo yadi 5, wato wajen mita 4 da rabi, kuma ya isa. Tsawon siket santimita 95, kewayen ƙugu ta wajen da ya fi faɗi 90, tsawon riga 60, hannu 55. A ce shafin da aka samu faɗinsa santimita 150 ne. Shafin siket zai tsaya a 92, a ƙara 8 na kalmasa da ɗamara, ya zama 100; faɗin yadin ya isa ya zagaye 90 har da yalwa. Gaba da bayan riga za su fita gefe da gefe a tsawon 65. Hannuwa biyu su ma gefe da gefe a tsawon 60. Jimla 225. A ƙara abin da wanki zai ci, sai a sayi mita 2 da rabi.

To, sau da yawa abin da ake saye yadi 2 ne, wato santimita 183. Siket da jikin riga sun cinye 165, saura 18. Hannu ba ya fita daga 18. Tela ba zai cika daga aljihunsa ba, sai ya bar hannuwa a haka ya ce yayi ne. Abin da ya raba rigar da za a sa da wadda za a jefa ƙasan akwati bai kai santimita 70 na yadi mai arha ba. In kuma faɗin shafin 110 ne ko 115, lissafin ya canza, sai a ƙara tsawo. A tambayi mai kanti faɗin kafin ya yanka.

Ga yadda bayanin zai kasance a takarda: "Shafi na auduga, launin ƙyallen da na maƙala, a wanke kafin yanka. Riga: a yanka tare da leshi, ya rufe wuya gaba da baya, kafaɗa, da hannu har ƙarshe. Siket: shafi daban, mai yalwa, santimita 3 sama da baki, babu tsaga." Ba ta kai minti biyu ba.

Na san abin da wasu za su ce: ai da hijabi ko mayafi za ta fita, me ya dame mu da hannu? Amma a gidan biki ana ajiye hijabi, gyalen da ake yafawa kuwa sau da yawa shi ma shifon ne. Shara-shara biyu ba sa zama sutura in rana ta bugo daga baya. Wasu kuma za su ce a bar leshi kwata-kwata, a tsaya ga atamfa da shadda. Wanda ya zaɓi haka bai yi laifi ba, sai dai anko ba ya shawara da mu, kuma yarinyar da aka hana ba a koya mata komai ba. Wadda aka nuna wa yadda ake zaɓen shafi ta samu abin da za ta riƙe har gidan mijinta.

Gwajin ƙarshe a yi shi tun a shagon tela, kafin a biya cikon kuɗi. Cikin ɗaki yaudara ne, domin yadi mai shara-shara ya fi nuna abin da ke bayansa in haske ya fito daga can. A zura hannu cikin rigar a ɗaga ta wajen rana: in ana iya ƙirga yatsu, shafin bai yi ba. A gida kuma yarinya ta tsaya a bakin ƙofa rana na bayanta, uwa ko yaya ta duba daga ciki, sannan ta ɗaga hannu, ta zauna, ta taka.

Ga malamai, musamman masu koyar da ɗinki da masu ajin ƴan mata, wannan darasi ne da ya haɗa awo, lissafi da rubutun bayani. A kawo ƙyallen leshi da shafi kala uku, a fita da su rana, kowace ɗaliba ta rubuta wa tela takarda, wata ta karanta ta faɗi irin rigar da za ta fito. Duk inda mai karatu ta yi tambaya, nan ne bayanin ya bar rami, kuma nan ne tela zai cike da abin da ya ga dama.