Shaidar Kamfani Ba Shaidar Ma'aikaci Ba Ce

Hausawa na cewa kama da wane ba wane ba ne. Wannan magana ta dace da wani kuskure da 'yan kwangila kan yi, wato miƙa takardar shaidar kamfani a inda aka nemi ta ma'aikaci.

Takardar kamfani, kamar ta ISO 9001, tsarin gudanar da aiki take tabbatarwa. Masu bincike daga wata hukuma mai zaman kanta kan zo su duba yadda kamfanin ke tsara aikinsa, da adana bayanai, da gyara kurakurai. Idan sun gamsu, sai a ba da takarda mai ɗauke da sunan kamfanin da irin aikin da binciken ya shafa. Takan yi shekara 3, kuma a kowace shekara ana komowa a sake dubawa. Ita kuwa takardar mutum, iliminsa da ƙwarewarsa take tabbatarwa bayan horo da jarrabawa. Sunansa ne a kanta, in ya bar kamfanin da ita zai tafi.

Alal misali, a ce wata ma'aikata ta yi tallar kwangila, ta ce tana son kamfani mai “ma'aikata 2 masu shaidar ISO 9001”. Abin lura shi ne, wannan ƙa'ida tsari take aunawa, ba mutum ba. Saboda haka, galibi abin da ake nufi shi ne mutum 2 da suka ci jarrabawar binciken wannan tsari, wadda kan biyo bayan kwas na kimanin kwana 5. Ɗan kwangilar da ya aika da takardar kamfaninsa kaɗai bai cika sharaɗi ba, ana iya ajiye takardunsa tun kafin a dubi farashinsa. Haka nan takardar halartar kwas ba daidai take da ta cin jarrabawa ba.

A ganina, laifin ba na ɗan kwangila kaɗai ba ne. Mai rubuta sharaɗi ya wajaba ya ambaci sunan takardar da yake so, da matakinta, ya kuma fayyace ko dole mai ita ya kasance ma'aikacin dindindin ne. In bai yi haka ba, ya buɗe ƙofar aron takardun mutanen da ba za su taɓa taka wurin aikin ba.

Shi kuma mai neman kwangila, matambayi ba ya ɓata. Ya rubuta wa ma'aikatar ya nemi bayani kafin a rufe karɓar takardu, ya adana amsar. Sannan ya dubi abu uku a kan kowace takarda: sunan wa ke kai, wa ya ba da ita, yaushe kuma wa'adinta zai ƙare.