Canjin Yuro a Banki: Faran 59.570 da Suka Ɓace

Tun daga ranar 1 ga Janairu 1999, Yuro ɗaya daidai yake da faran 655,957 na sefa. Wannan farashi ba ya hawa, ba ya sauka, domin ya samo asali ne daga yarjejeniyar kuɗi tsakanin ƙasashen UMOA da ƙasar Faransa. Duk da haka, ƴan kasuwa da dama suna karɓar kuɗinsu da giɓi, su yi shiru.

A ɗauki misalin wani mai fataucin fatu a Damagaram, wanda abokin cinikinsa na Italiya ya aiko wa Yuro 10.000 ta banki. Bisa lissafi, kuɗinsa faran 6.559.570 ne. Amma da ya karɓi takardar asusunsa, sai ya tarar an zuba masa 6.500.000 cif. Ke nan an canza masa Yuro a kan 650, faran 59.570 sun yi ɓatan dabo.

Kafin ya ɗaga murya, wajibi ne ya nemi takardu biyu. Ta farko ita ce shaidar aike ta SWIFT, wadda ke nuna irin kuɗin da aka aiko da kuma adadinsu. Idan dalar Amurka aka aiko, to hujjarsa ta faɗi, saboda farashin dala yana sauyawa kowace rana. Haka nan idan wani banki na tsakani ya yanki ladansa a hanya, laifin ba na canji ba ne. Ta biyu ita ce takardar sanarwar zuba kuɗi, wadda ke nuna farashin da bankinsa ya yi aiki da shi.

Banki yana da ikon karɓar kamisho da harajin da ke kansa, bisa jadawalin farashin da ya bayyana wa jama'a. Sai dai kamisho yana da layinsa dabam a takarda. Idan an rage farashin Yuro, sannan kuma aka cire kamisho, to an yi wa mai asusu yanka biyu.

Idan takardun sun tabbatar da haka, sai ya rubuta wa shugaban reshen bankin wasiƙa. Ya ambaci lambar asusu, ranar da kuɗin suka shigo, lambar aiken, farashin da aka sa da wanda ya kamata, sannan ya nemi a maido masa faran 59.570 cikin asusunsa. Ya haɗa da kofen takardun biyu, ya kuma tabbata an buga wa nasa kofen hatimi da kwanan wata. Koke na fatar baki a gaban mai biyan kuɗi ba ya zama shaida.

In banki ya yi kunnen uwar shegu, yana iya kai kukansa ga Hukumar Sa Ido kan Bankuna ta UMOA, mai mazauni a Abijan. A can ma, abin da za a fara tambayarsa shi ne wasiƙar nan mai hatimi.