Kafin ka kira wa mai ƙorafi ɗan sanda, tuna da Erisco

A watan Satumban 2023 wata mata a Legas, Chioma Okoli, ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwani na Nagiko ya cika zaƙi. Kamfanin Erisco ya ce cikin martanin da ta mayar wa wani ta zargi kayansa da kashe mutane, sai ya kai ƙara. 'Yan sanda suka kama ta, suka kai ta Abuja, kamfanin kuma ya nemi diyyar naira biliyan 5.

Kamun ne ya sa maganar ta zagaye ƙasa, har aka shiga kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin. Wanda bai taɓa jin sunan Nagiko ba, a bakin wannan rigima ya fara jin sa.

Darasin ya shafi ɗan kasuwar Ɗambatta, inda saƙon murya ɗaya a WhatsApp kan riga mai kaya isa kasuwar Lahadi. A ce manomin rani ya yaɗa cewa irin tumatirin da ya saya a wani shago bai tsiro ba. Mai shago na iya zaginsa ko ya kai shi caji ofis, amma duka biyun ba su amsa tambayar da manoma ke yi ba: irin nan yana tsirowa ko kuwa?

Abin da ya fi shi ne ya amsa a zauren da aka yi ƙorafin, a ranar, cikin gajerun kalmomi: ya ji, kuma zai bincika. Sannan ya kira manomin ya karɓi ledar irin, ya duba lambarta da ranar da wa'adinta ke ƙarewa. Daga irin wannan lamba ya ƙirga ƙwaya 100, ya jera a jiƙaƙƙen tsumma a inuwa, gaban shaidu biyu, kada tsumman ya bushe. Kwana 10 sun isa a ga gaskiya.

Idan 40 kacal suka tsiro, irin ya mutu, wataƙila zafin shago ko daɗewa ne sanadi. Ya mayar da kuɗi, ya kira duk wanda ya sayi wannan lamba tun kafin su kira shi. Idan kuwa 85 suka tsiro, matsalar tana gona: ko an binne irin da zurfi, ko ruwa ya kwanta a kwamin. Ya saka hoton tsumman a zaure ba tare da muzanta manomin ba.

Gaskiya ne akwai masu ƙage don hassada, kuma doka ta ba wanda aka ɓata wa suna damar neman haƙƙinsa. Amma a fara da dattawan kasuwa, tsumma a hannu. Kotu na iya hukunta mai ƙage, sai dai ba za ta iya tilasta wa manomi ya sake shigowa shago ba.